Wasiƙar neman ƙarin wa'adi daga kamfanin waje

Allurai da kayan gyaran keken ɗinki muke shigowa da su, na asali, waɗanda tela zai ɗora ya manta da su. Masu kawo jabu sun ishe mu, kayansu na zuwa da araha, sai mai saye ya zo yana ta ciniki kamar ƙarfen iri ɗaya ne. Wannan ya sa namu ba ya tashi da sauri, ya kuma sa na nemi kamfanin da ke aiko mana ya ƙara mana wa'adin biya.

A takardar kuɗinsu an rubuta Net 30, wato kwana 30, ana ƙirgawa daga ranar takardar lodin jirgi. An yi lodi 3 ga Maris, biya ya faɗa 2 ga Afrilu, alhali jirgin kan yi kusan kwana 40 a ruwa. Ka ga zan biya kuɗin kayan da ban ko gani ba.

Maigidan da ya koya mini sana'a, Allah ya jiƙansa, ya taɓa yaga wata wasiƙa da na rubuta mai shafi biyu, duk koke-koke. Ya ce wanda ke bin ka kuɗi, in ya ji kana kuka, tsoro yake ji. Tun daga nan nake taƙaitawa. Saura mako biyu wa'adi ya cika na tura imel, kansa ɗauke da lambar takardar kuɗin. Ga ma'anarsa:

“Muna godiya da kyakkyawar hulɗar da ke tsakaninmu. Oda shida da suka gabata duk mun biya a kan lokaci. Da yake kaya na isowa bayan wa'adi ya cika, muna roƙon a mayar da shi kwana 60 daga ranar lodi, wato 2 ga Mayu. Kafin alƙalami na kashi 30 cikin ɗari yana nan yadda yake. Idan hakan ya yi muku, a tabbatar mana a rubuce.”

Kalmar “daga ranar lodi” ita ce ƙashin bayan wasiƙar. In ka ce kwana 60 kawai, su ƙirga daga ranar takardar kuɗi, kai ka ƙirga daga isowar kaya, rigima ta tashi. Saurin turawar ma da dalili: kamfanoni da yawa suna yi wa bashin da suke bayarwa inshora, kuma biyan da ya makara sai sun kai rahotonsa, daga nan a rage maka yawan kayan da za a ba ka bashi.

Sun amsa da kwana 45, wato 17 ga Afrilu. Na karɓa, na nemi sabuwar takardar kuɗi mai ɗauke da wannan rana, na kuma biya ranar 16.