Canza kalar gashi mai lanƙwasa ba tare da ta ɓata bango ba

Ƙannena masu koyon gyaran foto, bari in ba ku labarin asarar da na yi a nan Garwa. Wata hajiya mai shagon gyaran gashi ta kawo min foton yarinyarta, gashi baƙi wuluk mai lanƙwasa, silaloli sun tashi ta ko'ina, bayanta bango ruwan madara, ta ce a mai da gashin ja kalar zoɓo, folere ɗin nan namu, za ta buga babban kyalle ta rataya a ƙofar shago. Na zagaye gashin da Quick Selection a Photoshop, na ga bakin ya yi kaifi sai na sa Feather 10, na zuba kala. A allon kwamfuta ras. Da aka buga shi mita biyu sai ga wani jan hazo ya kewaye kan yarinyar, duk ramukan da ke tsakanin lanƙwasar sun zama ruwan hoda. Hajiya ta kalla ta ce ɗana wannan ai ba zai ratayu ba, kuma gaskiyarta ce, da kuɗina aka sake bugawa.

Feather ne ya kashe ni. Shi bai san gashi ba bai san bango ba, shafe bakin kawai yake yi ciki da waje, to duk abin da ya fita waje bango ne zai sha kalar. Kuma bango mai ɗan duhu ya fi fari fat kama kala, shi ya sa ruwan madarar nan ya tona min asiri.

Ga yadda na sake aikin. Na buɗe Channels, in injinka da Faransanci yake Couches za ka gani, na duba Red da Green da Blue ɗaya bayan ɗaya ina neman inda gashi ya fi baƙi bango ya fi haske. A wannan foton Red ne, har fatar fuska ta yi haske ta rabu da gashin, Blue kuwa duk tsaki-tsaki ne. Na kwafi Red ɗin, kar ka taɓa na asalin don Allah, na danna Ctrl+L Levels ya buɗe, baƙin alƙalamin na jawo shi daga 0 zuwa wajen 60, farin daga 255 zuwa 190. Wannan lissafin na foton nan ne, naka ka zuba ido a kan siraran silalolin, da ka ga sun fara tsinkewa suna zama ɗigo-ɗigo to ka wuce gona da iri, ka ɗan koma baya. Sai Ctrl+I, gashi ya zama fari bango baƙi. Ido da gira da riga na shafe su da baƙin buroshi.

Inda aikin yake shi ne toka-tokar da ta rage a ramukan lanƙwasa, ita ce ke barin kala ta yoyo. Na mai da buroshi Overlay, Opacity 30, baƙi, ina shafawa a hankali. Daɗinsa shi ne tokar yake turawa zuwa baƙi, farin silin kuma ya ƙyale shi. Na fi minti ashirin a gefen kunnen hagu kaɗai, foton a buɗe ɗari biyu bisa ɗari.

Daga nan Ctrl da danna ƙaramin hoton kwafin, na koma RGB, na ɗora zaɓin a kan Group a matsayin Mask, a ciki Curves a ƙasa don ɗaga hasken gashin, tunda baƙi wuluk ba ya karɓar kala, sai Solid Color ja a sama, Blending Mode ɗinsa a kan Color. Sannan na danna kowannensu sau biyu na shiga Blend If, a Underlying Layer na jawo farin alƙalamin zuwa 200, na riƙe Alt na raba shi, rabin ya sauka 140. Ma'ana duk inda ƙasa ke da haske kala ba ta zama. Amma in ka matsa da yawa ƙyallin man da ke gashin shi ma zai rasa ja, ya yi furfura-furfura. In kuwa bangon duhu ne kamar gashin, wannan dabarar ba ta ci, sai dai ka bar silalolin waje da baƙinsu ka rina na ciki, ya fi kyau a kan hazo nesa ba kusa ba.

Kafin in kai wajen bugu yanzu sai na ɗora Hue/Saturation a saman komai, Saturation +100, in akwai yoyo nan take bangon zai nuna ja a kewayen kai, in gyara sannan in goge shi. Kuma foton da aka turo ta WhatsApp a matse ba na karɓa, silalolin sun riga sun narke cikin bango, cewa nake a sake turo min shi a matsayin Document.