Ma'anar farko ce ta kayar da ni

Har yanzu in na ga kalmar `bandwidth` sai raina ya sosu.

An ba ni rubutun wata laccar horaswa kan haɗa kwamfutoci, wadda aka naɗa ta kusan awa biyu, aka ce in tsamo kalmomin fannin da bayaninsu saboda sababbin ma'aikata. Na bi duk inda malamin ya ce "wato" ko "abin da ake nufi shi ne", na kwafe abin da ya biyo baya. Yini ɗaya na gama, kalmomi 43, na miƙa ina ta jin kaina.

A minti na 12 malamin ya ce `bandwidth` saurin intanet ne, ni ma haka na rubuta. Ashe sauƙaƙawa ya yi don kada ya rikita masu sauraro tun da fari. Sai a minti na 96, lokacin tambayoyi, wani ya ce layinsu na megabit 100 ne amma kiran bidiyo yana sarƙewa. A nan malamin ya warware: `bandwidth` iyakar abin da layi zai iya ɗauka ne a daƙiƙa ɗaya, `throughput` abin da ke wucewa a zahiri, `latency` kuma jinkirin saƙo kafin ya isa. Layi na iya zama mai faɗi, jinkirinsa kuma ya yi yawa. Ni kuwa sashen tambayoyin nan tsallake shi na yi, na ɗauka surutu ne kawai.

An riga an raba takardar kafin wani tsohon ma'aikaci ya kira ni ya ce, "Malam, wannan ma'anar daga ina?" Na ce daga bakin mai laccar. Gaskiya na faɗa, amma ba ta fisshe ni ba.

Da na sake aikin, ban rubuta ma'anar kowace kalma ba sai da na ga duk wuraren da ta fito. Ga yadda na nemo `bandwidth` da umarnin bincike na `grep` a cikin `lacca.srt`, fayil ɗin rubutun laccar mai ɗauke da lokacin kowace magana:

```
grep -n -i -B2 "band.\?width" lacca.srt
```

`-B2` ɗin yana nuna layi biyu na sama, inda galibi lokacin maganar yake, sai in koma muryar in saurara. Dalilin `.\?` kuwa, a wasu wuraren an raba kalmar gida biyu, kuma binciken da na fara yi babu shi bai kama su ba. Sau 17 ta fito, wurare uku ne kawai bayani, kuma na ƙarshen ne cikakke.

Yanzu kowace ma'ana ina saka mintinta a gefe. Inda malamin ya faɗi abu biyu mabambanta, nakan ajiye duka biyun in tura masa ya zaɓa. Na sami irin wannan saɓani a kalmomi biyar cikin 43 ɗin, huɗu daga cikinsu a sashen da na tsallake aka gyara su.