Inda na tsaya a ɗinkin hula: lissafin kuben da na gama

'Yan'uwa masu koyo, kuben nan mai ruwan toka da na sa wa allura tun kafin azumi ta kammala, an wanke ta, ta kuma bar hannuna. Hannuna ya ɗan faɗa yanzu, ɗinkin ya fi na baya daidaita, bayan hular ma ba ya yin tsumma kamar da. Amma yau ba kyan ɗinki zan ba ku labari ba. Lissafinta zan shimfiɗa muku, don na lura yawancinmu idan aka tambaye mu kuɗin hula sai mu faɗi abin da muka ji maƙwabciya ta sayar da tata, mu ɗan ƙara ko mu ɗan rage, shi ke nan. Kuɗaɗen da zan ambata waɗanda na biya ne da hannuna nan Sakkwato. Naku za su bambanta, sai kowa ya sa nasa a gurbinsu.

Kayan aiki su ne mafi sauƙin ƙirgawa. Farin yadin jikin hular da na kanta ya ci naira 800. Mai zane, wato wanda ke zana adon a kan yadin, ya karɓi 500. Zaren siliki ƙulli takwas na sayo a Babbar Kasuwa, kowanne 350, ya kama 2,800. Allura na sa mata 100, mai wankin hula kuma ya karɓi 700 na wanki da sitaci da guga. Duka 4,900 ke nan. Abu ɗaya zan ja kunnenku a kai: ranar da za ku yanka wa hula kuɗi, ku lissafa zare a kan farashinsa na ranar, ba na ranar da kuka saya ba. Hula tana yin wata biyu a hannu. Idan zaren ya tashi a tsakani kuka lissafa da tsohon kuɗi, abin da kuka ware ba zai sake sayo muku ƙulli takwas ba, jarin ya zaizaye kuna ganin kamar riba kuka ci.

Kuɗin hanya shi ne wanda ba ma rubutawa, saboda ɗari uku-uku yake fita, ba a jin zafinsa. Daga Mabera nake. Wannan hula ɗaya sai da aka fita dominta sau huɗu: sayen zare da yadi, kai wa mai zane, kai wa mai wanki, sai kai ta ga mai saye. Ko ni na hau Keke Napep, ko na aiki yaro a kan kabu-kabu, zuwa da dawowa ba ya kasa 600. Sau huɗu ya tashi 2,400, wato kusan kuɗin zaren gaba ɗaya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ba sauran mai cewa kuɗin hanya ba a bakin komai yake ba. Kaya da hanya idan aka haɗa, hular ta ci 7,300 kafin a zo maganar wahalata.

To, wahalar fa, yaya ake auna ta? Nan ne na fi daɗewa ina tunani, domin ba wadda ke zama ta yi ɗinki daga safe har yamma. Ana yi ne bayan an sauke tukunya, a ajiye a yi wa yaro wanka, a dawo bayan La'asar a ɗan taɓa kafin haske ya tafi. Idan kika ce “wata biyu na yi ina ɗinkinta”, ba ki faɗi komai ba, domin wata biyun wata ba na wata ba ne. Hanyar da ta yi mini aiki ita ce auna gida ɗaya. Zanen jikin hula maimaita kansa yake yi, gida bayan gida, har ya zagayo. Sai ki zaɓi gida guda, ki duba agogon waya lokacin da kika ɗauki allura, ki sake dubawa lokacin da kika ajiye, ki rubuta mintocin a bayan littafi. Kada ki auna gidan farko, a nan hannu bai san zanen ba tukuna, yakan ja lokaci fiye da kima. Na biyu ko na uku shi ke faɗin gaskiya. Tawa gida takwas gare ta, kowanne ya ci kusan awa biyar, jiki ya tashi awa 40. Kai ya ci awa 10, haɗa kai da jiki da gyaran baki awa 2. Awa 52 ke nan.

Na kai ta wa wani mai shagon huluna a kasuwa. Ya juya ta ciki da waje, ya ɗaga ta ga haske yana duba ko farin yadi na leƙowa tsakanin ɗinki, ya shafa bakin da babban yatsa. Ya taya 9,000, na ce albarka. Muka yi ta ja har ya tsaya a 12,000, na sallama. Ban ga laifinsa ba, shi ma zai ajiye ta ne a shago ya jira mai rabo, ga haya ga kuɗinsa a kwance. Amma ku cire 7,300 daga 12,000. Saura 4,700. Ku raba wa awa 52, kowace awa ta samu kusan naira 90.

Na ɗauko wani ma'auni don in ga nisan abin. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata. Mai aikin awa takwas a kwana 22 yana yin awa 176, kowace awa tana kama kusan 400. Da a wannan ma'aunin za a biya ni, ladan hannu kaɗai 20,800 ne, a haɗa da 7,300 hular ta kai 28,100. Akwai hulunan da ke cin haka har fiye, amma na gwanaye ne waɗanda sunansu ya riga ya fita, ba na mai koyo ba. Ba wanda zai biya ni jinkirin hannuna, kuma gaskiya bai kamata ya biya ba. Sai dai tsakanin 90 da 400 akwai fili mai faɗi, kuma mafi yawansa a hannunmu yake, ba a hannun mai shago ba.

Da na nuna wannan lissafi ga Inna da ke koya mini ɗinki, ba ta ko kalli littafin ba. Ta ce, “Ke ɗiyata, wa ya aike ki cika hulla haka? Mai saye launi shika gani da tsabta, ba ya ƙirga huda.” Na yi ta juya maganar. Zanen da na zaɓa cikakke ne, ba inda yadi ya huta, ga launi biyar, kowane canjin launi sai an tsaya an ƙulle an sake zura allura. Irin wannan aikin sai wanda ya san hula yake gane shi ya biya, kuma shi ɗin ba ya saye a hannun ɗan koyo. Don haka wadda ke hannuna yanzu na zaɓa mata zane mai sarari, launi uku. Na auna gidanta, lissafi ya nuna duka za ta tsaya wajen awa 30, zare kuma ƙulli biyar zai isa, 1,750. Kayan aikinta sun sauko 3,850.

Hanya kuma na daina fita don hula ɗaya. Mu huɗu ne a layinmu muke wannan aiki, muka shirya mutum ɗaya ke zuwa sayen zare, a kai wa mai zane yadi huɗu tare, a kai wanki tare. Fita huɗun nan tana nan a 2,400, amma an raba ta huɗu, kowace hula ta ɗauki 600. Tun wajen saye ake cin riba, in ji 'yan kasuwa, kuma mai zaren ma yakan yi ragi idan ya ga an ɗebi da yawa. Kaya da hanya na sabuwar hular sun zama 4,450.

Ga yadda nake yanka kuɗi yanzu. Na sa wa awata naira 200 a matakin da nake, in hannu ya ƙara sauri da kyau in ɗaga. Awa 30 ta ba da 6,000, a haɗa da 4,450 ya zama 10,450. Wannan shi ne ƙasan da ba na sauka, kuma ba na faɗa wa kowa shi. A baki 13,000 nake cewa, don na san ba Basakkwacen da zai biya kuɗin farko bai nemi ragi ba. Wani abokin maigidana ya ga gida biyun da na gama ya ce yana so, muka daidaita a 11,000. Idan aka cire 4,450, awata ta haura naira 200 kaɗan, ninki biyu da ɗoriya na waccan, alhali kuɗin hular bai kai na waccan ba.

Da yake ta koma aikin oda, na karɓi kafin alƙalami 4,500, daidai abin da zai rufe kaya da hanya. Ina ba ku shawara, in oda aka ba ku tun farko, kada ku yanka yadi ba ku karɓi wannan ba. Hular oda an ɗinka ta ne a kan girman kai ɗaya da launin shaddar mutum ɗaya, in ya fasa, neman wani mai kai irin nasa aiki ne.

Maganar girman kai ta tuna mini da abin da ke rushe duk wannan lissafi a dare ɗaya. Ɗinki yana jan yadi. Idan aka yanka jiki daidai inci 22 aka cika shi da zare, ya sha ruwa da sitaci, zai iya fitowa ya gaza, ya matse wa mai shi goshi. Ku jiƙa yadin ya bushe kafin a kai zane, ku bar ɗan rara a tsawonsa, sannan ku riƙa ɗora awo a kai duk bayan gida biyu. In kun ga ya fara tattarewa kamar bakin zariya, kuna jan zare da ƙarfi ne, ku sassauta. Na biyu shi ne zuba. Ja da shuɗi mai duhu su suka fi yi. Kafin ku fara, ku yanki ɗan zare ku jiƙa da ruwan sabulu, ku matse shi cikin farin ƙyalle. In ya bar tabo, ku mayar wa mai shi, don hular da ta zuba wajen wanki ko rabin kuɗi da ƙyar take yi. Ku kuma sayi zaren launi ɗaya a lokaci ɗaya, saboda ƙullin da za a ƙaro daga baya yakan ɗan saɓa, kuma a rana ake ganin bambancin.

Yanayin garinmu ma yana shiga lissafin awa. A hunturu yatsu kan yi kaushi, siliki ya riƙa maƙalewa yana tsefewa, sai an shafa mai da dare an wanke hannu kafin a taɓa aiki. A bazara kuma, daga Maris zuwa Mayu, zufa ke ɓata farin yadi, da rana tsaka ba a iya komai sai da sassafe ko yamma. Awon da kika yi a damina ba lallai ya yi daidai a waɗannan lokuta ba, a sake aunawa.

Yanzu ina gida na biyar a hular odar. Wadda za ta biyo baya ina so ta kammala da saura mako uku Babbar Sallah, domin a satin ƙarshe masu wankin hula sukan cika maƙil, wasu har ƙarin kuɗi suke yi wa mai gaggawa, kuma hular da ta makara sai ta zauna jiran biki. Zan auna ɗinkin kan hular odar daban idan na iso shi, don ina zaton zanen kai mai sauƙi zai iya rage mini awa uku ko huɗu, mu ga ko zaton zai tabbata.