Mako na shida da gaisuwar Yarbanci: harafi ɗaya ya ja mini faɗa

'Yan'uwa masu koyo, wannan makon ban ƙara sabuwar kalma ko ɗaya a littafina ba. Gyaran tsofaffin na zauna yi, saboda abin da ya same ni ranar Talata a kasuwar Bodija, nan Ibadan, inda nake taya kawuna sayar da wake.

Akwai wata dattijuwa mai sayen wake a wurinmu, ta yi jika da ni. Da na hango ta sai na ce bari in nuna mata na fara iyawa, na washe baki na ce "Káàárọ̀, báwo ni?" Ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta juya wurin kawu ta tambaye shi da Hausarta mai ɗan tsami ko ita sa'ata ce. Kawu ya ba ta haƙuri, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Laifi biyu na yi a numfashi ɗaya. Na farko, na yar da "ẹ". Wannan ɗan harafi shi ne "ku" a Yarbanci, kuma da shi ake girmama duk wanda ya girme ka ko da shi kaɗai ne. Mu ma mukan ce wa babba "kun tashi lafiya?", amma idan ka ce "ka tashi lafiya, Baba?" ba lalle a ga baƙinka ba. A nan ba haka ba ne. "Ẹ káàárọ̀" ta manya ce, "káàárọ̀" tsirararta ta abokai ce da ƙanne. Godiya ma haka take: "ẹ ṣé" ga babba, "o ṣé" ga tsara ko yaro. Na biyu, "báwo ni?" tamkar "ya ne?" ce ta samarin unguwa. Ita aka fara koya mini a Sabo, unguwar Hausawa, shi ya sa ta fi saurin fitowa daga bakina. Ga dattijuwa, abin da ya dace shi ne in ɗan rusuna in ce "Ẹ káàárọ̀ mà, ṣé dáadáa lẹ jí?", wato kun tashi lafiya. A al'adarsu ɗa namiji har kwanciya yake yi rub da ciki gaban iyaye, mace ta durƙusa, amma a kasuwa sunkuyawa ta wadatar.

Tun ranar na ɗora wa kaina doka: duk wanda ban tabbatar na girme shi ba, "ẹ" zan sa masa. Idan na sa wa yaro, iyakaci a yi dariya.

Sai kuma lafazin harafin kansa. Yarbanci na bambanta e da ẹ, mu kuwa e ɗaya gare mu. Ta mai ɗigon ƙasa, baki a buɗe ake faɗinta. Abokina da ke gyara mini ya sa na maimaita "ilé" da "ilẹ̀" har muƙamuƙina ya gaji. Ta farko gida ce, murya na hawa a ƙarshe. Ta biyu ƙasa ce wadda ake takawa, murya na sauka. Ashe mako biyu ina shiga gidan da muke haya ina gaishe su da ƙasa, ina cewa "ẹ kú ilẹ̀" maimakon "ẹ kú ilé".

Wannan gaisuwar ma da juyinta na fara. Wanda ya dawo shi ke cewa "ẹ kú ilé", sannu da gida, na gida su ce masa "ẹ káàbọ̀", sannu da zuwa. Ni da ƙafata nake shigowa ina yi wa mutane sannu da zuwa. Haka na riƙa yin sallama da "ẹ káalẹ́" idan zan tafi kwanciya, alhali barka da dare ce, ta haɗuwa. Sai da safe ita ce "ó dàárọ̀".

Lokutan ba su ba ni wuya ba da na jingina su da salla. Daga wajen azahar "ẹ káàsán", bayan la'asar "ẹ kú ìrọ̀lẹ́", in an yi magariba duhu ya shiga "ẹ káalẹ́".

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce "ẹ kú ọjọ́ mẹ́ta". Wani mai sayen wake ya faɗa mini ita, na san "mẹ́ta" uku ce, sai na shiga lissafi ina gaya masa ai ya fi wata rabonmu da haɗuwa. "Kwana biyu" ɗinmu ce, su nasu uku ne. Amsarta "ọjọ́ kan pẹ̀lú", har da ƙarin kwana ɗaya.

Dattijuwar ta dawo jiya. Na rusuna na gaishe ta yadda ya kamata, ta amsa, sannan ta jero mini tambayoyi uku da sauri, na gida da aiki da wani abu da ban kama ba. Na ce "a dúpẹ́", mun gode, ga dukkansu. Aikin mako mai zuwa ke nan: amsoshi.