Hz 60 ko Hz 120: abin da aikin saita talabijin ya koya mini game da fim da ƙwallo

A aikin haɗa talabijin da saita shi, tambayar da na fi sha daga bakin masu saye ita ce: "Ai mai 120 ya fi mai 60 kyau, ko?" Na kan ce ya danganta da abin da za a kalla. Amsar ba ta yi wa mutane daɗi, domin suna son a ce musu e ko a'a, amma ita ce gaskiya, kuma dalilinta ba shi da wuyar ganewa.

Lambar da ake rubutawa a jikin kwali da sunan refresh rate tana nufin sau nawa allon ke sabunta hoton da ke kansa a cikin sakan ɗaya. Mai 60Hz yana yi sau 60, mai 120Hz sau 120. Wannan iyawar allo ce kawai. Akwai wata lamba ta biyu da ba a rubuta ta a kwali, wato hotuna nawa kyamara ta ɗauka a sakan guda, kuma nawa ne daga cikinsu suka iso gare ka. Babban darasin da na koya shi ne duk wata rigimar motsi a talabijin tana fitowa ne daga yadda lambobin nan biyu suka haɗu. In hoto 50 aka aiko, allo ba shi da na 51. Ko dai ya maimaita wanda yake da shi, ko ya ƙirƙiri wani da kansa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne fim, wanda ya fi kowa ƙarancin hotuna, shi ya fi cin moriyar 120Hz kai tsaye. Tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da aka fara sa wa fim sauti, ake ɗaukarsa da hoto 24 a sakan, kuma har yau akasarin finafinai a haka suke. To 24 ba ta shiga 60 daidai. Sai a yi dabara: hoton farko a nuna shi sau 3, na biyu sau 2, na uku sau 3, haka har fim ya ƙare. Ma'ana wani hoton yana zama milisakan 50 a allo, wani kuma kusan 33. Idan mutane na zaune suna hira ba za ka lura ba. Amma bari kyamara ta juya a hankali tana bin doguwar katanga ko jerin bishiyoyi, ko sunayen ƙarshen fim su fara hawa sama, sai ka ga tafiyar tana ɗingishi, taku ɗaya dogo ɗaya gajere. A allo mai 120Hz lissafin ya fita tsaf: 24 sau 5 ita ce 120, kowane hoto a nuna shi sau 5, duk tsawonsu ɗaya, ɗingishin ya tafi.

Sai dai akwai iyaka biyu. Hoto 24 a sakan kaɗan ne, don haka ɗan tsalle tsakanin hoto da hoto yana nan, musamman a allon OLED wanda ke sauya hoto nan take ba tare da ya ɗan shafe shi ba. Wannan yanayin fim ne, ba lalacewa ba. Sannan dole na'urar da ke turo fim ɗin ta bar shi a 24 ɗinsa. In akwatin da aka jona ya riga ya mai da shi 60, ɗingishin na iya biyo shi har cikin allo mai 120. Shi ya sa nake fara duba saitin akwatin, in kunna abin da wasu ke kira Match Frame Rate, kafin in taɓa talabijin ɗin.

Ƙwallo kuma labarinta daban ne. Gidajen talabijin suna watsa wasanni da hoto 50 a sakan a Turai da galibin Afirka, ko kusan 60 a Amurka da Japan. Talabijin mai 60Hz yana nuna waɗannan duka, babu wanda ya zube, domin wanda aka yi don ƙasashen 50 yana komawa 50 da kansa, kamar yadda mai 120 ke komawa 100. To me ke sa ƙwallo ta yi dishi-dishi idan aka buga ta da ƙarfi?

Mu ɗauki allo mai faɗin ɗigo 1920, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su yi hoto, ƙwallo ta ratsa shi daga gefe zuwa gefe cikin sakan 2. Tafiyar ɗigo 960 ke nan a sakan. In hotuna 60 ne, tsakanin kowane hoto da na gaba ta matsa ɗigo 16. Idonka yana bin ta ba tsayawa, ita kuwa a allo tana tsaye cak har sai hoto na gaba ya zo, sai idon ya shafa ta a faɗin wannan ɗigo 16. Yanzu ka kawo mai 120Hz ya nuna kowane hoto sau biyu. Ƙwallon tana nan tsaye a wuri ɗaya na tsawon lokaci ɗaya, dishin bai ragu ba. Zai sauko zuwa ɗigo 8 ne kawai in an samu sabon hoto a tsakani, ita tana rabin hanya.

Wannan sabon hoton talabijin ne ke ƙirƙirarsa, ta hanyar duba hoton baya da na gaba ya kintaci na tsakiya. Kamfanin LG na kiran saitin da ke yin wannan aiki TruMotion, Sony na kiransa Motionflow. A wasa yana taimakawa ƙwarai, lambar rigar ɗan wasa tana karantuwa ko da kyamara na gudu. Amma kintace ne, kuma ƙwallo ƙarama ce mai sauri. In ta bi ta gaban 'yan kallo ko allunan talla, wani lokaci ta rabu biyu, ko ta ɓace na ƙiftawar ido, ko ka ga wani abu kamar tururi yana bin gefen ɗan wasa. Da na ga haka nake rage ƙarfin saitin zuwa ƙasa-ƙasa. Ni dai gara mini ɗan dishi da ƙwallon da babu ita.

A fim kuwa ina kashe shi gaba ɗaya. Yana mai da hoto 24 ya koma sumul kamar wanda aka ɗauka da kyamarar labarai, har ka fara ganin ɗakin da aka shirya a matsayin ɗakin da aka shirya. Don haka ne aka fito da Filmmaker Mode a 2019, wanda ke kashe wannan ƙirƙira da danni ɗaya. Yana damuna in ga mutum yana kallon fim mai kyau a haka bai san an canja masa shi ba.

Idan aka kira ni aka ce wasa na tsinkewa a sabon talabijin, sau da yawa laifin yana can wurin da hoton ya fito. Wasu masu watsa wasa ta intanet suna aiko hoto 25 ko 30 ne kawai. A lissafinmu na ɗazu, 30 na nufin ƙwallon na tsallake ɗigo 32 a kowane taku, kuma babu allon da zai dawo da hotunan da aka zubar a hanya. A YouTube abin a fili yake: 1080p60 ko 1080p50 cikakke ne, 1080p kawai kuwa bai wuce 30 ba.

Ita ma lambar kwali sai an karanta ta da kyau. Rubutu irin Motion Rate 120 suna ne na talla, kuma sau da yawa allon da ke ciki 60Hz ne. Lambar da nake nema a takardar bayanan talabijin ita ce wadda aka rubuta native refresh rate a gabanta, ko kuma in duba ko ƙofar HDMI ɗinsa tana karɓar 4K a 120Hz.