Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Saƙon Goma ga Azumi

A makon jiya na tsaya a inda muka dawo daga maƙabartar Tudun Wada a Sakkwato, bayan mun rufe na ukunmu. Yau zan tsallake gaba, in ba ku labarin saƙon da nake tura wa abokina duk shekara.

Mu uku muke sana'ar albasa. Ranar goma ga azumin 2019, wanda ya faɗo cikin zafin watan Mayu, su biyu suka kama hanyar Illela, ni na tsaya rumfa. Sun wuce Kware, ba su kai Gwadabawa ba, tayar gaba ta fashe. Abokina ne ke tuƙi, ya fita da karaya a hannu. Marigayi ko asibiti bai kai ba. Bayan matarsa ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, abokina ya tattara ya koma Birnin Kebbi. Bai faɗi dalili ba, ni kuma ban tambaya ba.

Da shekara ta kusa zagayowa sai na tsaya tunanin ranar da zan riƙe. Shekarar Musulunci tana gaza ta boko da kusan kwana goma sha ɗaya, shi ya sa azumin da ya same mu a Mayu ya gangaro har Maris a 2024. Na riƙe goma ga azumi, domin da bakin azumi marigayi ya cika, kuma da wannan muke yi masa kyakkyawan zato.

Sai kuma abin da zan ce. Malaminmu na zaure ya sha faɗa mana cewa zaman makoki kwana uku ne, in ba ga matar mamaci ba, kuma malamai da dama ba su son a riƙa maimaita gaisuwar mutuwa, don tana fama ciwon da ya fara warkewa. Saboda haka ban rubuta "ya haƙuri" ba, wannan ta kwanakin zaman gaisuwa ce. Ban kira shi ba kuma. Kira na tilasta wa mutum ya amsa nan take, ko yana tsakiyar kasuwa, ko muryarsa ba za ta fito ba. Rubutu kuwa zai jira shi har ya samu wuri.

Akwai maganar da ta fi kowace yi mini nauyi a baki: "ba laifinka ba ne." Gaskiya ce, taya ce ta fashe, kuma kwana ne ya ƙare. Amma mutane sun faɗa masa haka har ya gaji, kuma na lura duk wanda ya faɗa, sai ya sunkuyar da kai. Wanda ya ambaci laifi, ko don ya kore shi ne, ya riga ya tuna wa mutum cewa akwai tambayar. Na bar ta. Hoton marigayi da ke wayata, wanda muka ɗauka a bakin Masallacin Shehu ranar wata Juma'a, shi ma ban tura ba.

Ga abin da ya rage, da bakinmu na gida:

"Malam, yau goma ga azumi. Na tai maƙabarta da sahe. Yara lahiya lau, babban ya kai izu goma. Allah shi jiƙan shi, shi ba mu haƙuri."

Kowace kalma a ciki sai da na cika ta kafin in rubuta. Na je kabarin bayan asuba, na tarar damina ta zaftare gefe guda, na biya masu gyara suka ɗaga ƙasar. Na biya gidan kakan yaran a Mabera, na zauna da babban ya karanta mini allonsa. Wannan ne abin da abokina ba ya iya yi daga nesa, kuma na san shi ne yake son sani amma ba zai iya tambaya ba. Na kuma ce "ba mu", ban ce "ba ka" ba, domin rashin namu ne mu biyu, ba na son ya ɗauka shi kaɗai ake wa jaje.

Na tura bayan la'asar. Ya karanta, bai amsa ba, ni ma ban ƙara komai a kai ba. Sai bayan asham amsa ta shigo: "Amin. Ina sane, ɗan'uwa." Kwana biyu tsakani ya turo kuɗi, ya ce a yi wa yaran ɗinkin salla, kada a ce daga gare shi ne. Haka muke yi kowace shekara tun daga nan, izun yaron kawai ke canzawa a cikin saƙon.

A bara kakan yaran ya ritsa ni a zaure, ya ce lallai sai na faɗa masa mai ɗinkin nan. Yadda muka ƙare da shi, da abin da ya sa na kama hanyar Birnin Kebbi washegari, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.