Ɗaukar bidiyo da waya a ɗaki mai taga ɗaya: abin da aikin ya koya mana

Yawancin bidiyon da ke fitowa dishi-dishi, fuska ta yi duhu, bango yana ta ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi, ba laifin waya ba ne. Idon kyamarar waya ƙarami ne, hasken da yake iya kwasa kaɗan ne. Idan haske ya yi ƙaranci, wayar da kanta take ƙara wa hoton ƙarfi, ƙarin nan shi ke haifar da ɗige-ɗigen, sannan ta bi ta shafe su, sai fata ta koma sumul babu rai. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa fara taɓa waya sai sun gama da taga. Haske ake fara shiryawa, sannan a kafa waya, sannan a duba abin da ya shiga hoto. Wanda ya fara da kafa waya a inda ya ga bango mai kyau, galibi sai ya tarar taga tana bayansa, ya fito baƙi ƙirin a gaban farin haske.

Mu ɗauki tela da ke son ya riƙa yi wa masu saye bayanin ɗinkinsa. Ɗakinsa mita 3 ne a faɗi, mita 4 a tsawo, da taga guda a doguwar katangar gabas. Tsakiyar tagar tana da nisan kamar mita 2 da rabi daga katangar ƙurya.

Tambayar farko ita ce ƙarfe nawa. Tagar gabas tana shan rana kai tsaye tun hantsi, kuma rana kai tsaye ita ce babbar abokiyar gaba: tana ƙona gefen fuska ɗaya ya yi fari fat, ta jefa inuwar hanci mai kaifi, ta kuma zana ƙarafunan taga a kan riga. Daga wajen ƙarfe 12 zuwa la'asar rana ta bar wannan ɓangaren, abin da ke shigowa hasken sararin sama ne, mai laushi. Tagar yamma akasin haka take, da safe ake morarta. Tagar arewa ta fi kowace sauƙin sha'ani a ƙasar Hausa, domin daga Satumba har zuwa Maris rana ta kudu take bi, ba ta leƙo ta nan. Amma daga Mayu zuwa farkon Agusta tana karkata arewa, don haka da damina tagar arewa ma tana iya shan rana da sassafe da kuma yamma. Lokacin hunturu, ƙurar hazo tana tausasa rana da kanta, sai dai tana ɗan sa hoto ya yi ruwan ƙasa.

Idan dole sai da safe telan zai ɗauka, sai ya rataya farin yadi mara kauri, ko farin zanin gado, ya rufe tagar baki ɗaya. Fari tas ake so. Labule mai launi yana rina fuska da launinsa, haka ma gilashin taga mai shuɗi ko kore da ake yawan sa wa sababbin gidaje. Irin wannan a buɗe shi gaba ɗaya kawai. A kashe ƙwan lantarkin ɗakin kuma. Hasken rana fari ne mai ɗan shuɗi, ƙwai da yawa kuwa rawaya suke bayarwa, waya kuma launi ɗaya take iya daidaitawa a lokaci guda, sai ka ga rabin fuska ruwan lemo, rabi shuɗi. Akwai kuma wani dalili. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma suna ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, to ƙwai masu araha sukan jawo layuka masu yawo ko ƙiftawa a bidiyo. Wanda ba shi da makawa sai da ƙwai, ya mayar da wayarsa kan 25. A iPhone sai an kunna Show PAL Formats a ƙarƙashin Record Video kafin zaɓin ya bayyana.

Wurin zama shi ne inda aikin ya fi daɗi. Telan ya ajiye kujera mita 1 daga katangar da taga take, mita 1 da rabi daga katangar ƙurya, ya ba ƙuryar baya, yana fuskantar tsawon ɗakin. Ta haka taga tana gabansa kuma tana gefensa, wato a karkace, ba a tsaye daidai kunnensa ba. Idan taga ta zo daidai kunne, fuska rabuwa biyu take yi, rabi haske rabi duhu. Idan ya fuskance ta kai tsaye, fuskar za ta yi haske amma ta baje, babu tudu babu kwari. Yadda ake gane an dace: a duba idanu a cikin hoton, a ga ɗan farin ɗigon taga a cikin kowane ido, kuma kuncin da ke nesa da taga ya sami ɗan haske a ƙarƙashin ido. Idan ido ɗaya ya mutu, a juya kujera kaɗan zuwa taga.

Nisan nan na mita 1 ba a wasa da shi. Haske yana raguwa da sauri ƙwarai yayin da ake nisantar taga. Ninka nisa sau biyu na iya mayar da shi kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Mutumin da ya ja kujera zuwa tsakar ɗaki don ya fi jin daɗin zama ya zubar da wani kaso na haskensa bai sani ba, domin idon ɗan Adam yana sabawa nan take. Wannan raguwar kuma tana da amfani: katangar ƙurya ta fi shi nisa da taga, don haka za ta ɗan fi shi duhu, shi kuma ya fito sarai.

Gefen da ke cikin inuwa, idan ya yi duhu da yawa, farin kwali babba ya isa. A jingina shi a kan wata kujera a ɗaya gefen, kamar santimita 60 zuwa 80 daga fuska, yana kallon taga, a wajen hoto. Farin soson da ake ƙunshe firji ko talabijin da shi ma yana yi. Madubi ba ya yi, domin haskensa yana da kaifi.

Sai matsalar da ta fi damun mutanenmu: farar shadda a jikin baƙar fata. Waya tana auna hasken hoton ne gaba ɗaya, idan ta ga farin kaftani ya cika rabin hoto sai ta rage haske, fuska ta nutse. Maganinsa a danna yatsa a kan fuska a riƙe har alamar kulle ta fito. iPhone tana rubuta AE/AF LOCK, wayoyin Android da dama suna nuna ɗan kwaɗon kulle ƙofa. Sannan a ja alamar rana sama ko ƙasa har fuska ta yi daidai. Kullewar tana kuma hana hoto yin numfashi, wato ya yi haske ya yi duhu duk lokacin da telan ya ɗaga yadi ya nuna. Idan an gyara fuska amma aikin wuyan rigar ya ɓace cikin fari, to bambancin ya fi ƙarfin wayar, gara a sa riga mai ruwan toka, ruwan ƙasa ko shuɗi. A goge maiƙon goshi da hanci kafin a fara, musamman da bazara.

Batun kafa waya gajere ne. Mariƙi mai ƙafa uku ya fi, amma masu araha da yawa ba su da nauyi, kuma idan aka miƙe sandar tsakiya har ƙarshe rawa suke yi ko da iskar fanka ce ta taɓa su. A buɗe ƙafafun sosai, a rage sandar, a rataya robar ruwa mai lita 1 da rabi a tsakiya don nauyi. In babu mariƙi, a tara littattafai a kan teburi, a matse wayar tsakanin abubuwa biyu masu nauyi, amma ba teburin da za a ɗora hannu ko keken ɗinki a kai ba. Abin da ba a sassautawa shi ne tsayi: idon kyamara ya zo daidai idon mai magana, wayar kuma ta tsaya cak. Wayar da aka jingina ta kwanta baya tana kallon mutum daga ƙasa, ta nuna ƙofofin hanci da silin da fanka. A fara ɗauka, a cire hannu, a ƙirga uku kafin a yi sallama; girgizar farkon sai a yanke ta daga baya.

Kyamarar baya ta fi ta gaba kyau a kusan kowace waya, sai dai ba ka ganin kanka. A sa wani ya zauna a kujerar a daidaita da shi, ko a ajiye ƙaramin madubi a bayan wayar. A tsaya a kan 1x, wato ba a jawo hoto ba, ba a kuma faɗaɗa shi ba, wayar tana nesa da fuska kamar mita 1 da ɗan ɗori. Matsowa ƙasa da rabin mita yana kumbura hanci da goshi. 0.5x, mai faɗaɗa hoto, yana lanƙwasa gefen hoto kuma ya fi buƙatar haske. Jawo hoto da yatsu biyu kuwa, a yawancin wayoyi yanka hoton kawai yake yi, ingancin ya ragu. Kuma a goge idon kyamarar da tsumma mai laushi. Maiƙon yatsa shi ne hazon da mutane da yawa ke ɗora wa tsufan waya.

A kunna layukan da ke raba allo gida tara, Grid ko Grid lines a cikin saitin kyamara. Idanu su zauna a kan layin sama, a bar kamar faɗin yatsu uku zuwa huɗu na mai maganar tsakanin hula ko ɗankwali da bakin hoto, a yanke a ƙirji ko ƙugu, kada a yanke daidai wuya ko gwiwar hannu. Layukan tsaye a gwada su da gefen ƙofa. Idan ƙofa ta karkata, waya ce ta karkata. Bidiyon tsaye na TikTok da Instagram yana da nasa sharaɗin: rubutu da maɓallai suna rufe ƙasan hoto da gefen dama, don haka rigar da telan zai nuna ya ɗaga ta zuwa ƙirji, kada ta tsaya a cinya.

Bayan mutum kuma, a bi kusurwoyi huɗu na allo ɗaya bayan ɗaya. Igiyar caja da ke lilo, kalanda, buta, ledar da aka rataya a ƙusa, duk ido ya saba da su a ɗaki amma a hoto su ake fara gani. Bango ba sai ya zama fanko ba. Riguna biyu ko uku da aka gama, a rataye a gefe guda, sun fi katanga tsirara, muddin babu abin da ya tsiro daga kan mai magana.

Kafin ɗaukar gaske, a yi gwajin daƙiƙa 10 a kalla da sauti. Nan ake jin ƙarar fanka da janaretan maƙwabta, domin buɗe taga don haske yana shigo da hayaniyar titi. Ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga yana rage wannan sosai. Ingancin hoto na 1080p ya wadatar, 4K yana cinye wuri yana kuma zafafa waya. Idan za a tura wa mai gyara ta WhatsApp, a tura shi a matsayin Document, domin turawa ta hanyar da aka saba tana matse bidiyon, aikin zaren da ke wuyan riga ya dagule.